Bashin kiredi a salula: yadda ake cinsa, yadda ake cire shi, da lissafin da ya kamata a yi kafin a sa kati

Duk wanda ke amfani da salula a Tawa ko a garuruwan da ke kewaye da ita, irin su Ƙonni, Madawa, Illela da Buza, ya san saƙon da ke shigowa da zarar kiredi ya ƙare, wanda ke tayin rance nan take ba tare da an je wurin mai shap-shap ba. Kamfanonin sadarwa da ke aiki a Nijar su ne Airtel, Moov Africa, Zamani Telecom da Niger Telecoms, kuma sunan da aka fi sanin irin wannan rance da shi a ƙasashen da ke aiki da Faransanci shi ne SOS Crédit. Cin bashin ba shi da wuya, domin 'yan lambobi ne ake dannawa. Wurin da mutane ke shiga ruɗani shi ne ranar biya, lokacin da mutum ya sa kati ya duba ya tarar ba abin da ya rage, ko kuma abin da ya rage bai isa sayen farfen da ya yi niyya ba. Wannan jagora a kan wannan ranar take, da kuma abin da ya kamata a yi tun kafin ta zo.

Abin da ake bin ka bai yi daidai da abin da aka ba ka ba

Rancen kiredi yana da sassa biyu: uwar kuɗin da aka ranta maka, da kuɗin aikin da kamfani ke ɗorawa a kai. Kuɗin aikin ba ruwansa da tsawon lokacin da bashin ya yi a kanka. Ko ka biya bayan minti goma, ko bayan kwana goma, adadinsa ɗaya ne, domin sau ɗaya ake lissafa shi, a daidai lokacin da ka amince da rancen. Saboda haka gaggawar biya ba ta rage shi. Abu biyu kawai ke rage shi, wato ka ranci kaɗan, ko ka rage yawan rancen.

Hanya biyu ake bi wajen karɓar kuɗin aikin, kuma wajibi ne mutum ya gane wadda layinsa ke bi. A hanya ta farko ana ba ka abin da ka nema cif, sannan a cire uwar kuɗi da kuɗin aiki tare daga katin da za ka sa nan gaba. A hanya ta biyu ana zare kuɗin aikin tun kafin kiredin ya iso gare ka, sai ka karɓi abin da bai kai wanda ka nema ba, amma ka biya cikakke. Mu ɗauki kashi 10 cikin 100 a matsayin misali, don shi ne mafi sauƙin lissafi, kowa kuma ya musanya shi da adadin da allonsa ya nuna masa. A hanya ta farko, wanda ya ranci sefa 500 zai karɓi 500 ya biya 550. A ta biyu zai karɓi 450 ya biya 500. Da yawa suna ganin duk ɗaya ne tun da sefa 50 ce ta tafi a kowane ɓangare, alhali ta biyun ta ɗan fi tsada, domin 50 a kan 450 ta haura kashi 11 cikin 100. Sauran bayanin nan zai bi hanya ta farko, wadda ake cire komai daga kati na gaba, domin ita ce ke zo wa mutane ba zato.

Akwai kuma wani abu da ke ƙara rikita lissafi a wurinmu. Allon salula da sefa yake magana, mu kuwa da dala muke ƙirga a kasuwa. Idan saƙo ya ce ana bin ka 550, to dala ɗari da goma ke nan, kuma mai sayen kiredin dala ɗari bai biya bashinsa ba tukuna, saura dala goma. A raba lambar allo gida biyar kafin a miƙa wa mai shap-shap kuɗi.

Mataki na farko: kafin a danna komai

Fara da duba ragowar kiredinka da lambar da ka saba dubawa da ita, sannan ka duba ko akwai tsohon bashi a layin. Wannan na biyun ya fi muhimmanci a gidan da salula ɗaya ke zagaya hannu da yawa, domin rancen ba ya neman lambar sirri irin ta asusun kuɗi na salula. Duk wanda wayar ke hannunsa, yaro ne ko babba, yana iya ci, kuma layin ake bi, ba wanda ya danna ba.

Bayan haka ka kashe intanet ɗin wayar. Wannan shi ne matakin da aka fi mantawa, kuma shi ya fi cin kuɗi. Idan farfenka ya ƙare kuma intanet na buɗe, da zarar kiredin rance ya shigo, manhajojin wayar za su iya fara jan bayanai da kansu, hotuna da bidiyoyin WhatsApp su fara sauka, a riƙa cire kuɗinsu kai tsaye daga kiredin a farashin da ba na farfe ba, wanda ya fi tsada nesa ba kusa ba. Kafin mutum ya gama danna lambobin sayen farfe, wani ɓangare na rancen ya riga ya tafi, kuma kuɗin aiki a kan duka za a biya shi, har da wanda ba a mora ba.

Sai ka yanke shawarar abin da za ka yi da rancen, ka san kuɗinsa. Idan kira ɗaya ne na 'yan mintoci don a sanar da gida an sauka lafiya, mafi ƙarancin adadin da aka yi tayi ya isa. Kamfani yakan nuna maka iyakar abin da zai iya ranta maka, wanda yake aunawa da daɗewar layin da yawan kiredin da ake sa masa, amma wannan iyaka ba shawara ba ce. Sabon layi, ko wanda ya daɗe ba a sa masa kati ba, sau da yawa ba ya samun rancen sam, haka ma wanda ke da bashin da ya kai iyakarsa.

Mataki na biyu: karanta allon amincewa

Lambar neman rance ta bambanta daga kamfani zuwa kamfani, kuma mafi aminci shi ne a ɗauke ta daga saƙon kamfanin kansa ko daga ofishinsa. Bayan an zaɓi adadi, yawanci akwai allo na ƙarshe da ke neman amincewa, kuma a nan ne ake faɗin kuɗin aiki. Rubutun yakan zo da Faransanci, amma kalmomin da ake nema kaɗan ne. Inda aka rubuta frais ko frais de service, kuɗin aikin ke nan. Inda aka rubuta à rembourser ko montant dû, jimillar abin da za a cire ne. Solde kuwa ragowar kiredi ce. Wanda ba ya karanta Faransanci ya nemi lambobi biyu kawai a allon, ƙarama da babba: ƙaramar ita ce abin da zai shigo, babbar ita ce abin da zai fita, bambancinsu kuma shi ne kuɗin aiki. Idan lamba ɗaya ce tare da alamar kashi cikin ɗari, sai a yi lissafin da kai.

Da zarar rancen ya shigo, kada a goge saƙon da ya tabbatar da shi, domin shi ne kaɗai shaidar adadi da rana da lokaci. Sannan a sayi farfen da ake so nan take, tun intanet na rufe, sai an ga saƙon shigarsa a buɗe. A lura kuma cewa kiredin rance a tsare-tsare da yawa yana zama a wani asusu na dabam, ba a iya tura wa wani shi, kuma ragowarsa ba ta komawa ta rage bashin. Wanda ya ranci 500 ya yi amfani da 200 kawai, har yanzu 550 ake bin sa.

Yadda abin ke tafiya a aikace

A ɗauki wani mai kabu-kabu a Tawa, daren Asabar, kiredinsa ya ƙare, kuma yana so ya kira wani ɗan kasuwa da zai ɗauka da sassafe zuwa kasuwar Lahadi. Ya nemi rance, aka nuna masa 200 da 500, ya zaɓi 500 da niyyar sayen farfen kira na 500 gaba ɗaya. Bashinsa ya zama 550. Intanet ɗinsa na buɗe, kafin ya ankara sefa 120 ta tafi, saura 380, farfen 500 ya gagara. Ya yi kiransa da kiredin haka nan, ya ƙara wasu kiraye-kiraye da safe, 380 ta ƙare.

Da hantsi ya tsaya a gindin laimar mai shap-shap, ya miƙa dala sittin, wato 300. Saƙo biyu suka shigo a jere: na farko ya ce kiredin 300 ya shiga, na biyu ya ce an cire 300 an biya bashi. Shi na farkon kawai ya gani, ya danna kira aka ce ba shi da kiredi, sai ya juya wurin mai laima.

"Malam, ka tabbata lambata ka tura wa? Ga shi ba komai."

"Ya shiga, ɗan'uwa, ga shaidarsa nan a wayata. Duba saƙon da ke ƙasa, hala ana bin ka."

Mai laima ya yi gaskiya. An cire 300 daga 550, saura 250 a kansa, ragowar kiredi kuma sifiri. Da yamma yayansa da ke Yamai ya sa masa 500 daga can. Na'urar kamfani ba ta tambayar wa ya sa kuɗin ko don me aka sa, sai ta ɗauke 250, ta bar masa 250. Bashi ya ƙare, amma farfen 500 ya sake gagara, ga kuma sabon tayin rance ya shigo tun da layin ya wanke. Ya ranci 250 don ya cike, a ɗauka akwai wannan adadi a jerin, kuɗin aiki 25, sabon bashi 275.

Idan aka tara, cikin kwana ɗaya an sa wa layin 800, ana bin sa 275, jimilla 1,075. Kiredin da ya wuce ta hannunsa 1,000 ne, a cikinsa 120 ta tafi a intanet ɗin da bai nema ba, 380 kuma ta tafi a kira mai tsada wanda ba na farfe ba. Kuɗin aikin kansa 75 ne kacal, kuma a ganina ba shi ne babbar asarar ba. Babbar asarar ita ce yadda cirewar ke gutsure kowane kati ta bar ragowar da ba ta kai farashin farfe ba, har mutum ya ci gaba da kira a farashi mafi tsada, ko ya sake ci don ya cike giɓi.

Da a daren Asabar ya kashe intanet ya ranci 200 don kiran nan ɗaya, bashinsa 220 ne. Katin 300 na safe zai biya shi ya bar 80, na yayansa ya kawo ragowar zuwa 580, ya sayi farfen 500 da yamma, ya kwana da 80 ba a bin sa ko dala.

Mataki na uku: lissafin ranar biya

Kafin ka sa kati, duba bashin da ya rage, ba abin da kake tunawa ba, domin mai yiwuwa wani ya ƙara ci a bayanka. Sannan ka haɗa abu biyu: jimillar bashin har da kuɗin aiki, da farashin abin da kake so ka saya. Abin da suka bayar shi ne mafi ƙarancin kiredin da zai yi maka amfani. Mai bashin 550 da ke son farfen 500 yana buƙatar 1,050, wato jaka guda da dala goma. Idan ya sa jaka guda cif, za a bar masa 450, allon ya rubuta masa solde insuffisant saboda dala goma kacal. A irin wannan hali turawar mai shap-shap ko saye ta asusun kuɗi na salula ta fi katin kankarewa, domin kati adadinsa a yanke yake, turawa kuwa sau da yawa ana iya faɗin adadin da ake so daidai.

Idan kuɗin hannunka bai kai wannan jimilla ba, zaɓi biyu ne masu ma'ana. Ko dai ka sa daidai bashin, ka san cewa biya ka yi ba saye ba, ko kuma ka dakata har kuɗin su cika ka sa gaba ɗaya. Sa ƙananan kati ɗaya bayan ɗaya ba ya ƙara bashin, amma yana sa mutum ya rasa inda lissafi ya tsaya, kuma duk 'yar ragowar da ta saura takan zube a kira ko intanet kafin kati na gaba ya zo ya same ta. A sake kashe intanet kafin a sa, saboda dalilin da aka ambata.

Bayan an sa, a jira saƙonni su gama shigowa, a duba ragowa, a yi ragi. Abin da aka sa, a cire bashin, dole ya yi daidai da abin da allo ya nuna. Kyautar bonis ba ta cikin wannan lissafi, domin asusunta dabam ne kuma ba a biyan bashi da ita. Mutum yana iya ganin bonis mai yawa a layinsa alhali babban asusun ba komai.

Masu 'yan'uwa a Yamai ko a wurin cin rani su kula da abu ɗaya. Idan za a sa wa tsohuwa kiredi a ƙauye don ta kira, a fara tambaya ko ana bin layin, in ba haka ba a yi ta jiran kiran da ba zai zo ba, ita kuma tana can tana cewa ba a turo ba. A wasu tsare-tsare, idan aka saya wa layin farfe kai tsaye daga asusun kuɗi na salula, farfen yakan shiga ba tare da ya bi ta babban asusu ba, sai mintocin su isa gare ta. Wannan ba biya ba ne, bashin yana nan yana jiran kiredi na gaba, kuma muddin yana nan ƙofar sabon rance na iya kasancewa a rufe ranar da ake tsananin buƙatarta.

Idan lissafi bai fito ba

Ba duk kiredin da ya ɓace ne bashi ya ci ba, kuma ana iya rarrabewa. Cirewar bashi tana faruwa ne cikin daƙiƙoƙi bayan an sa kati, adadinta ba ya wuce abin da ake bi, kuma yawanci tana zuwa da saƙonta. Idan kuɗin suna raguwa kaɗan-kaɗan cikin awoyi, intanet ne ke ja. Idan adadi ɗaya ne ke fita kullum ko kowane mako, to akwai wata rajista a layin, irin ta waƙar jiran kira ko saƙonnin labarin ƙwallo, wadda sai an soke ta. Idan kuwa an cire daidai farashin wani farfe kuma saƙon shigarsa ya zo ba ka nema ba, sabuntawa ce ta kai tsaye. Mafi rikitarwa shi ne idan biyu suka haɗu a kati ɗaya, bashi ya ɗauki nasa, sabuntawa ta ɗauki saura. A nan sai an jera saƙonnin bisa lokacin shigowarsu kafin a gane.

Idan an bi duk wannan kuma har yanzu abin da aka cire ya wuce abin da saƙon rance ya faɗa, sai a kira sashen kula da masu hulɗa na kamfanin, ko a je ofishinsa da katin shaidar da aka yi rajistar layin da shi. A tafi da saƙon rance, da saƙon shigar kiredi, da saƙon cirewa, da katin da aka kankare idan kati ne, a nemi a karanto tarihin layin na ranar: sau nawa aka ranta, ƙarfe nawa, nawa-nawa. Sau da yawa a nan ake gano rance na biyu da wani a gida ya ci. Idan kamfani bai warware ba, hukumar da ke sa ido kan harkar sadarwa a ƙasar ita ce ARCEP, mai mazauni a Yamai, kuma waɗannan saƙonni su ne abin da za a gabatar mata. Mai shap-shap dai ba shi da hannu a cirewar kuma ba ya iya mayar da ita. Iyakar abin da ke kansa shi ne ya nuna cewa ya tura adadin zuwa lambar da aka ba shi.

Ga wanda ya mayar da shi al'ada

Rance ɗaya a daren da ba mai sayarwa a kusa, kuɗin aikinsa sefa 20 ko 50 ne, kuma sau da yawa ya fi arha a kan tada babur a shiga gari neman kati. Lissafin yana canzawa ga wanda kowane katinsa biyan bashi ne. Mai rancen 500 sau biyu a mako, a kan kashi 10 cikin 100, yana biyan 100 a mako, wato 5,200 a shekara, fiye da farfe goma na 500, ba tare da ya samu ƙarin minti ɗaya ba. Akwai kuma waɗanda ke guje wa rancen gaba ɗaya saboda shakkar ko ƙarin nan riba ce. Malamai sun yi magana a kai, wasu na kallon sa a matsayin ƙari a kan bashi, wasu a matsayin sayar da hidima da jinkirin biya, kuma mai wannan damuwa ya kai wa malaminsa bayanin yadda tsarin ke aiki dalla-dalla.

Fita daga wannan zagaye tana buƙatar kati ɗaya mai nauyi, sau ɗaya: bashin duka, da farfen da aka saba saye, da ɗan abin da zai zauna a babban asusu, ko da 100 ce, intanet kuma a rufe duk lokacin da farfe ya ƙare don kada ya taɓa ta. Wanda ke da asusun kuɗi a salula yana iya barin 'yan ɗaruruwa a ciki don wannan kawai, domin sayen kiredi daga can yana yiwuwa da tsakar dare kamar yadda rance ke yiwuwa, kuma ba abin da za a cire daga kati na gaba.